Sunan murabaha ba ya rage maka bashi

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin 'yan'uwanmu mazauna Riyad, daga direbobi da masu gadin manyan shagunan Ulaya har likitoci da malaman jami'a. Wai bashin Saudiyya ba irin na gida ba ne: babu kuɗin ruwa a cikinsa, malamai sun duba shi, hukuma na sa ido, don haka idan tayin bashi ya shigo waya, abin tambaya ɗaya ne, nawa za a riƙa cira a wata. Ban yarda da wannan magana ba, kuma ina ganin ita ce take jefa mutanenmu cikin bashin da ya fi ƙarfinsu. Hukuncin halacci yana bayani ne a kan yadda aka ƙulla cinikin. Bai ce komai a kan tsada ko araha ba. Ciniki na iya halatta kuma ya kwashe maka albashin shekara biyar.

Saƙon da ke shigowa gajere ne, yawanci da Larabci: kuɗi har riyal kaza, babu mai tsaya maka, babu sai ka mayar da albashinka wurinmu, amincewa cikin mintuna, ya dace da Shari'a. Sai a ɗora adadi ɗaya na riba da maɓallin da za ka danna. Wannan adadin shi ne inda ake yi wa mai karatu shigo-shigo ba zurfi.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce an yi wa mutum tayin riyal 30,000, ribar kashi 8 cikin ɗari a shekara, biya cikin wata 36. Lissafin mai bayarwa shi ne kashi 8 na 30,000, wato riyal 2,400, sau shekara uku. Riba ta zama 7,200, jimillar bashi 37,200, kowane wata kuma a cire riyal 1,033 da 'yan kai. Har nan babu ƙarya. Amma tun daga watan farko mutumin ya fara mayar da uwar kuɗi. Kafin shekara ta uku ta kama, uwar kuɗin da ta rage a kansa ba ta kai riyal 12,000 ba, alhali an lissafa ribar kowace shekara a kan cikakkiyar 30,000, kamar kuɗin na nan a hannunsa bai mayar da ko sisi ba. In aka duba tsawon shekarun ukun, kusan rabin kuɗin ne kawai yake riƙe da shi a matsakaici, amma yana biyan ribar duka. Kamar wanda ya kama hayar ɗaki shida ne, yana sakin ɗaki ɗaya duk bayan wata shida, mai gida kuma na karɓar kuɗin shidan har ranar tashi.

Ga kuma kuɗin hidimar buɗe bashi. Ƙa'idojin da Babban Bankin Saudiyya, SAMA, ya fitar a 2014 sun iyakance shi a wancan lokaci ga kashi 1 cikin ɗari na bashin ko riyal 5,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. A ce an caji mutuminmu kashi 1 ɗin, riyal 300, aka ɗora masa harajin VAT na kashi 15 da ake karɓa tun Yulin 2020, wato riyal 45. Abin da ya amfana da shi ya koma 29,655, amma 37,200 zai biya. Idan aka haɗa waɗannan duka aka auna su da lokacin da kowane riyal ya yi a hannunsa, tsadar bashin a shekara ta haura kashi 16 cikin ɗari, ninki biyu na abin da saƙon ya nuna.

Wannan adadi na biyu ba sirri ba ne. Doka ta wajabta wa duk mai lasisi ya rubuta shi a takardar yarjejeniya. A allon waya za ka gan shi da sunan APR, ko da Larabci معدل النسبة السنوي. Shi kaɗai ne ma'aunin da ke ba ka damar ɗora tayin banki kusa da na kamfanin ba da bashi ka ga wanda ya fi sauƙi, domin ya haɗiye riba da kuɗin hidima da tsawon lokaci a lamba ɗaya. Abin da ke damuna shi ne hukuma ta yi nata, ta tilasta a rubuta, mu kuma mun ɗauki tilastawar a matsayin dalilin ƙin karantawa. Lasisi na nufin za a gaya maka farashi. Ba ya nufin farashin ya dace da aljihunka.

Masu wancan ra'ayi za su ce ai abin da talaka ke ji a jikinsa shi ne cirar wata-wata, sauran lissafi na 'yan boko ne. Gaskiya ne cirar wata ce ke taɓa tukunya, kuma ban raina wannan ba. Mai aikawa gida Kano ko Maraɗi duk ƙarshen wata ya san darajar riyal ɗari uku. Sai dai masu ba da bashi sun fi mu sanin haka, shi ya sa da ka nuna nauyi ya yi yawa, abu na farko da za a miƙo maka shi ne ƙarin lokaci. A mayar da bashin nan wata 60, wanda shi ne iyakar da aka yarda da ita ga irin wannan bashi, cirar wata za ta sauko riyal 700. Mutum ya ji sanyi a ransa. Amma riba ta tashi daga 7,200 zuwa 12,000, jimilla ta kai 42,000. Sauƙin riyal 333 a wata ya saye shi a kan riyal 4,800, da ƙarin shekara biyu na ɗaure kai. Ga baƙon da iƙamarsa ke rataye da aikinsa, shekara biyun nan sun fi kuɗin haɗari, domin babu wanda ya ba shi tabbacin kwantiraginsa zai kai can.

A kan batun halaccin ma, maganar ba ta rufu yadda ake faɗa a majalisa ba. Yawancin bashin tsabar kuɗi a nan ta hanyar tawarruƙi ake yin sa: mai bayarwa ya sayi wata haja, ya sayar maka da ita bashi a farashi mai tsada, sannan a sayar da ita a madadinka nan take a zuba maka kuɗin. Kwamitocin Shari'a na bankunan sun amince da shi. Amma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka a 2003, da ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Sharja a 2009, sun hana nau'insa da banki ke shiryawa tun daga saye har sayarwa. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da nake cewa shi ne kalma biyu a ƙarshen saƙon talla ba su isa su kashe tambayar addini ba, balle ta lissafi.

Rashin karatun nan har haƙƙinmu yake ci. Da yawa sun ɗauka tunda murabaha ciniki ne mai yankakken farashi, ko ka biya da wuri sai ka cika 37,200. Ƙa'idar SAMA ba haka ta ce ba. Mai son rufe bashinsa kafin wa'adi zai biya ragowar uwar kuɗi ne, da ribar da ba ta wuce ta wata uku masu zuwa ba. A misalinmu, bayan wata 12 mutumin ya biya riyal 12,400, amma uwar kuɗin da ta rage kusan 21,400 ce, saboda kason riba ya fi yawa a watannin farko. A ƙara ribar wata uku, kusan riyal 750, ya rufe bashin da abin da ya ɗan haura 22,000, maimakon 24,800 da zai biya in ya bi jadawali. Wanda ya samu kuɗin sallama ko ya ɗauki adashi bai san da wannan ba, zai bar fiye da riyal 2,500 a hannun da ba nasa ba.

Abin da ya fi kowane adadi nauyi kuwa shi ne takardar alkawarin biya, wadda ake kira سند لأمر. Kamfanoni da dama, musamman masu cewa ba sai ka mayar da albashi ba, da ita suke kare kansu. Yanzu ta manhajar Nafith ake ƙulla ta, mutum ya amince da yatsa ɗaya yana tsaye a layin abinci. Wannan takarda ba ta buƙatar doguwar shari'a. Kai tsaye ake kai ta kotun zartarwa, a ba ka kwana biyar bayan sanarwa, in ba ka biya ba sashe na 46 na dokar zartarwa ya hau kanka, da hana fita ƙasa da taɓa asusun banki. Ɗan ƙasa zai zauna a gidansu ya nemi mafita. Baƙon da aikinsa ya ƙare ba zai iya zama da daɗi ba, ba zai iya komawa gida ba. Kafin ka amince, dubi adadin da aka rubuta a takardar ko ya yi daidai da jimillar da ke cikin yarjejeniya, ka kuma dubi ranar biya. In an rubuta لدى الاطلاع, ma'anarsa ana iya neman kuɗin duk ranar da aka gabatar da ita. Jinkirin biya kuma yana shiga kundin SIMAH, wanda duk mai ba da bashi zai buɗe kafin ya saurare ka nan gaba.

Duk wannan a kan masu lasisi ne. Wasu saƙonnin ba daga kamfani suke ba sam, kuma gane su ba wuya. Duk wanda ya ce ka fara tura kuɗin buɗe fayil zuwa asusun wani mutum, ko ya kira ka ya ce ka zaɓi lambar da ta fito maka a Nafath, ko ka karanta masa lambar sirrin da banki ya turo, ɓarawo ne. Haka masu tallar biya maka tsohon bashi don su ciro maka sabo, waɗanda ake ganin lambobinsu manne a jikin na'urorin cirar kuɗi: ba su da lasisi, kuma su ma da takardar alkawarin biya suke ɗaure mutum. Sunayen kamfanonin da aka yarda da su suna shafin SAMA, saƙon damfara kuma ana tura shi zuwa 330330.

Ga shugabannin ƙungiyoyinmu da limaman da jama'a ke kawo wa irin waɗannan saƙonni su duba: don Allah kada amsarku ta tsaya a kan halal ne ko haram. Ku tambayi mai tambayar APR nawa aka rubuta masa, jimillar da zai biya nawa ce, wata nawa, da adadin da ke kan takardar alkawarin. Idan bai iya amsawa ba, ku ce masa ya dakata da danna maɓallin har ya nemo yarjejeniyar a karanta masa.