Sa Ranar Biki A Agege: Kalanda Uku Ake Bazawa

A garuruwan Arewa, idan iyayen ango suka kai goro da alawa domin a sa musu rana, galibi watan Musulunci da lokacin kaka ake dubawa, a yanke magana a tashi. Bahaushen Agege kuwa, da ɗan'uwansa na Idi-Araba ko Obalande, bai sami wannan sauƙi ba, domin shi kalanda uku ke mulkin gidansa. Akwai ta wata, wadda ke kawo azumi da salloli biyu da aikin Hajji. Akwai ta makaranta, wadda hukumomin jarrabawa ke tsarawa ba tare da sun nemi shawarar kowane uba ba. Akwai kuma ta birnin Ikko kanta, mai ɗauke da bukukuwan maƙwabta da ruwan sama da cunkoson hanya. Kowace ranar da za a buga a katin gayyata, sai ta tsallake waɗannan uku kafin ta tabbata.

Wadda ta fi yawan kayar da mutane ita ce ta wata, ba don ba su san ta ba, sai don suna tuna ta da ranakun bara. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, watau tana kasa ta Bature da kwana goma ko goma sha ɗaya, saboda haka kullum azumi yana matsowa gaba. A Nijeriya an ɗauki azumi ran 23 ga Maris a 2023, sai ran 11 ga Maris a 2024, sai ran 1 ga Maris a 2025. Dattijon da ya ce, "Ai bara war haka ba a kama azumi ba," gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar tasa ta tsufa da kwana goma sha ɗaya.

Bayan wannan akwai wata kwana guda wadda babu madaba'ar da ta mallake ta. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, kuma ba a san wanne ba sai an duba daren talatin, Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, ya ba da sanarwa daga Sakkwato. A 2025, ranar Juma'a 28 ga Fabrairu ita ce 29 ga Sha'aban. Wanda ya ɗaura aure a ranar bayan sallar Juma'a, yana fatan watan zai cika talatin ya sami Asabar ta walima, ya yi caca ne da abin da ba a hannunsa yake ba: an ga wata a daren nan, amarya ta shiga ɗaki ta tashi sahur, shinkafar Asabar kuwa sai dai ta jira magariba. Tun da Sha'aban wata ne da aure ke yawa a cikinsa, kowa yana so ya shiga azumi da iyali, hankali shi ne a bar makonsa na ƙarshe fanko. A waccan shekara, Asabar 22 ga Fabrairu ce ta ƙarshe da za a amince da ita.

Ya kamata a bambanta abin da shari'a ta hana da abin da wahala ta hana. Ɗaurin aure a cikin Ramadan halal ne, babu malamin da zai warware shi. Abin da ya sa ake gudunsa shi ne ba a ciyar da baƙi da rana, dare kuma na asham ne da tafsiri, ga kuma hatsarin da ke kan sababbin ma'aurata, tun da wanda ya karya azumi da saduwa da rana kaffara ta hau shi, ya ciyar da miskinai 60 ko ya yi azumin wata biyu a jere, ban da ramuwa. Abubuwan da ke hana ɗaurin auren kansa su ne irin su idda, wadda ta macen da mijinta ya rasu wata huɗu ce da kwana goma, da kuma harami, domin a mazhabar Malikiyya wanda ya ɗaura harami ba ya aure, ba ya kuma aurarwa. Camfin da wasu ke yi da aure tsakanin salloli biyu ba shi da tushe, gama Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, a watan Shawwal aka ɗaura aurenta, a Shawwal kuma ta tare.

To, bari a ɗauki misali a bi shi da ranakun 2025. A ce wani magidanci a Agege, mai fataucin dabbobi a wajen mayankar Oko-Oba, zai aurar da 'yarsa. Wansa, wanda shi ne waliyyi, yana Katsina kuma ya biya kuɗin kujerar Makka. Ƙanwar amarya tana ajin ƙarshe na sakandare. Dangin ango sun kawo sadaki, suna neman rana bayan Ƙaramar Salla.

An yi Ƙaramar Salla ran Lahadi 30 ga Maris. Asabar ta farko bayanta, 5 ga Afrilu, ba ta da amfani sosai, domin waɗanda suka tafi gida yin Salla ba su gama komowa ba, masu azumin Sitta Shawwal kuma a ranar suke cika na shida idan sun fara washegarin Salla. Asabar 19 ga wata ta faɗa tsakanin Juma'ar Ista da Lahadinta. Wannan hutu ne na kwana huɗu, ma'aikatan ofis za su so shi, amma lokaci ne da tashoshin mota ke cika, maƙwabta Kirista kuma, waɗanda ake zaman mutunci da su a layi ɗaya, suna majami'a ko sun tafi garuruwansu. Daga Alhamis 24 ga Afrilu kuwa ƙofa ta rufe, domin a ranar aka fara jarrabawar JAMB, a ranar kuma aka fara ta WAEC. Ashe ke nan tsakanin Salla da jarrabawa, ƙarshen mako guda ne tak mai tsabta, Juma'a 11 da Asabar 12 ga Afrilu. Duk mai 'ya a unguwar ya ga abin da wannan magidanci ya gani, saboda haka wanda bai kama rumfa da kujeru da mai girki tun kafin azumi ba, sai dai ya ji labari.

A ce ranar ta kuɓuce masa. Mai gaggawa zai ce a sa a watan Mayu, ai jarrabawar WAEC a ranakun aiki aka fi yin ta, Asabar ta biki ce. Wannan maganar wanda bai taɓa kwana a gidan biki ba ne. Bikin Bahaushe ba yini guda ba ne: akwai kamu, akwai sa lalle, akwai jere, baƙi daga Arewa kuma sukan sauka kwana uku ko huɗu kafin ranar, su cika ɗaki biyun da iyali ke haya. Ƙanwar amarya ita ce 'yar aike, ita ce mai wanke-wanke, tabarmarta ma an ba gwaggo. Yarinyar da za ta zauna takardar lissafi ran Litinin ba ta da inda za ta buɗe littafi tun daga Laraba, kuma darasin da aka faɗi a WAEC sai an sake biyan kuɗi an jira wani zama.

Ita kuwa JAMB, kowane ɗalibi da ranarsa da cibiyarsa, ba ya kuma sani sai ya fitar da takardarsa 'yan kwanaki kafin zama. A 2025 an gama ta a farkon Mayu, iyaye suka ɗauka an wuce wurin. Sai ran 14 ga Mayu shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Is'haƙ Oloyede, ya bayyana cewa an sami tangarɗar na'ura wadda ta shafi ɗalibai kusan 380,000, fiye da rabinsu a Jihar Legas, aka kuma kira su su sake zama daga Juma'a 16 ga wata. Gidan da ya sa biki a ƙarshen wannan mako, sanarwar kwana biyu kawai ya samu. Darasin lissafi a nan shi ne, ranar da aka ce jarrabawa za ta ƙare, a ƙara mata mako biyu kafin a dogara da ita.

Ban da makaranta ma, Mayu ba na wannan magidanci ba ne. An fara jigilar alhazai ran 9 ga wata, waliyyi zai iya tashi kowane lokaci, sai dai ya naɗa wakili tun kafin ya tafi. Babbar Salla, wadda Yarabawa ke kira Ileya, ta kama Juma'a 6 ga Yuni, makonni ukun da ke gabanta kuwa su ne kakar mai sayar da raguna. Jarinsa duka yana ɗaure a turke, shi da abokan sana'arsa a kasuwa suke kwana, kuma ragon da za a yanka wa baƙi a lokacin ne ya fi tsada a shekara.

Bayan Salla sai a ga kamar an huta, amma WAEC ba ta ƙare ba sai 20 ga Yuni, NECO kuma ta riga ta kama ran 16 ga wata ta kai har 25 ga Yuli. A cikin wannan tsakani alhazai ke komowa, damina kuma ta Ikko tana kan ganiyarta, wadda rumfar titi ba ta iya mata. Ran Asabar 12 ga Yuli aka yi zaɓen ƙananan hukumomin Jihar Legas, aka taƙaita zirga-zirga, ranar ma ta fita.

Saura Agusta, watan dogon hutu, wanda ruwa kan ɗan tsagaita a cikinsa a ƙasar Yarabawa. Nan ma akwai abin dubawa guda: a farkon watan majami'ar Redeemed kan yi babban taronta na shekara a sansaninta da ke kan hanyar Badun zuwa Ikko, kuma ta wannan hanya motocin 'yan biki daga Katsina za su shigo. Saboda haka sai a tsallake makon, a tsaya a Juma'a 15 da Asabar 16 ga Agusta. Wata tsohuwa za ta ce ai watan Safar ne, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfin wannan wata, kuma Mauludi bai zo ba sai 5 ga Satumba. Daga 12 ga Afrilu zuwa 16 ga Agusta mako 18 ne, wannan shi ne kuɗin da aka biya saboda rashin kama rana guda a kan kari.

Wannan lissafi na 2025 ne, ba a ɗauke shi a aza wa wata shekara. Jarrabawa tana tsaye a tsakanin Afrilu da Yuli, salloli ne ke tafiya. Babbar Salla ta 2024 ta kama 16 ga Yuni, ta 2025 ta kama 6 ga Yuni, lissafi kuma ya kai ta 2026 ƙarshen Mayu, ta 2027 tsakiyarsa, watau tsakiyar jarrabawa sosai. A ɗaya gefen kuwa, tazarar da ke tsakanin Ƙaramar Salla da jarrabawa tana ƙaruwa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ƙarshen mako guda na 2025 yana zama biyu, yana zama uku. Sha'aban shi ma yana ja baya zuwa Janairu da Disamba, inda zai haɗu da Kirsimeti da tsadar motarta, har a 2030 azumi zai zo sau biyu a shekarar Bature guda, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba.