Gudawar ranar jarrabawa ba ta Filajil ba ce

Idan ka taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai a makon jarrabawa, ka san yadda layin ban ɗaki yake da ƙarfe bakwai na safe. Wani ya shiga sau uku kafin ya sa riga, wata an zuba mata shayi ta kasa kurɓa, wani kuma yana dafe da ciki wai hanjinsa ne ke murɗawa. Kafin a shiga aji an ɓalle Filajil an raba kamar alawa, ana cewa taifot ce ko olsa ta motsa. Ra'ayina shi ne yawancin wannan ciwon ciki fargaba ce ke kawo shi, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da muke afawa ba ya taɓa shi, sai ma ya ƙara mana wata matsalar.

Bahaushe ya daɗe da lura da abin. Idan mutum ya tsorata sai a ce cikinsa ya ɗuri ruwa, ko a ce hanjin cikinsa ya kaɗa. Ba a kai aka ajiye tsoron ba, a ciki aka ajiye shi, kuma ilimin likitanci ya tabbatar da cewa haka abin yake.

A jikin bangon hanyar abinci, tun daga maƙoshi har ƙarshen hanji, akwai ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100. Su ke kula da matsawa da sakewar da ke tura abinci gaba, da yawan ruwan da ake zubawa a cikin hanji. Suna iya aikinsu ba tare da ka sani ba, amma suna magana da ƙwaƙwalwa a kodayaushe. Babbar hanyar wannan magana wata doguwar jijiya ce da likitoci ke kira bagus, wadda ta sauko daga gindin ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya da ƙirji ta isa ciki. Kusan kashi 80 cikin 100 na zaren wannan jijiya saƙo suke kaiwa sama, daga kayan ciki zuwa ƙwaƙwalwa. Wato ciki na jin umarni daga sama, kuma yana mayar da rahoto.

To me ke faruwa idan fargaba ta zo? Ƙwaƙwalwarka ba ta bambanta takardar jarrabawa da karen da ya biyo ka a lungu. Duka biyun haɗari ta ɗauke su, sai ta shirya jiki don gudu ko faɗa. Ana sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, a rage jinin da ke zuwa ciki a tura shi ga cinyoyi da damatsa. Narkar da abinci aiki ne da zai iya jira, don haka sai a dakatar da shi. Wani masani a Jami'ar Habad ta Amurka, Walta Kanon, ya ga wannan da idonsa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Yana kallon tumbin kyanwa da hoton ƙashi, sai ya lura cewa da zarar kyanwar ta fusata ko ta tsorata, motsin tumbinta sai ya tsaya cak, idan ta natsu kuma ya ci gaba.

Za ka iya tambaya, in dai tsayawa ciki yake yi, me ya kawo gudawa? Amsar ita ce sama da ƙasa ba hanya ɗaya suke bi ba. Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki a farkon tashin hankali, shi ne kuma yake tayar da kotisol, sinadarin damuwa da aka fi sani. Wannan sinadari na farko yana sa tumbi ya yi jinkirin sauke abin da ke cikinsa, amma yana sa babban hanji ya ƙara sauri. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga ragowar abinci kafin a fitar da shi. Idan aka hanzarta shi, ba ya samun lokacin tsotsewa, sai bayan gida ya fito da ruwa-ruwa, kuma ya zo da matsi irin na ba jira. Shi ya sa mutum ɗaya a safiya ɗaya zai kasa cin lomar burodi, kuma ya riƙa zaryar ban ɗaki.

Mu ɗauki ɗalibi mai jarrabawa ƙarfe tara na safe, a kwas ɗin da ya taɓa faɗuwa. Da daddare ya ci taliya da yaji a tsaye, ya bi ta da kofi mai kauri kofi biyu don kada barci ya ɗauke shi. Ya kwanta ƙarfe uku, ya tashi da asuba. Kofi da kansa yana motsa babban hanji, rashin barci kuma yana sa jiki ya fi saurin firgita. Ƙarfe shida ya buɗe takarda ya ga babin da bai karanta ba, gabansa ya faɗi, bakinsa ya bushe, ya ji kamar an ɗaure masa ciki da igiya. Ƙarfe bakwai ya tilasta wa kansa shayi, kuma duk abin da ya shiga tumbi yana aika wa babban hanji saƙon ya yi waje da na jiya. A rana ta yau da kullum wannan saƙon a hankali yake zuwa, amma yau hanjin a tsorace yake, sai ya amsa da ƙarfi. Kafin takwas da rabi ya zaga sau uku. Yanzu kuma sabon tsoro ya shigo: idan abin ya taso a cikin aji fa? Rahoton murɗawar ya hau sama, ƙwaƙwalwa ta ƙara firgita, ta sake turo saƙo ƙasa. Ƙarfe sha biyu ya miƙa takarda ya fito, kafin azahar yana gaban mai shinkafa da wake yana neman ƙari.

Wannan ƙarshen shi ne shaidar. Ƙwayar cuta ba ta san jadawalin jarrabawa ba. Taifot zazzaɓi ce da ke hauhawa kwana da kwanaki tare da ciwon kai da kasala, ba ta zuwa da bakwai ta tafi da sha biyu. Olsa kuwa, wato gyambon ciki, yawanci wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta ke kawo ta, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak. Likitoci biyu 'yan Ostireliya da suka gano rawar wannan ƙwaya sun sami kyautar Nobel a 2005. Damuwa na iya sa mai olsa ya ƙara jin zafi, amma ƙullewar ciki ta safiya ɗaya ba ta isa a kira ta olsa ba.

Ga inda nake da ja da al'adarmu ta kemis. Filajil magani ne na gaske, yana kashe ƙwayar da ke kawo wani nau'in atini da wasu ƙwayoyin hanji. Idan babu ƙwayar, babu abin da zai kashe sai masu amfani da ke zaune a hanjinka. Kuma illolinsa da aka sani su ne tashin zuciya, ɗanɗanon ƙarfe a baki da rashin son abinci, wato ainihin abin da kake gudu. Ɗalibin da ya sha ƙwaya biyu da takwas ya warke da sha biyu zai rantse maganin ne ya yi aiki, alhali fitowa daga aji ce ta warkar da shi. Samista mai zuwa zai sake, ya kuma koya wa ƙaninsa. Shan irin waɗannan magunguna barkatai shi ke sa ƙwayoyin cuta su saba da su, ranar da ake buƙatarsu da gaske su ƙi ci.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya: a inda muke, ruwan sha da abincin bakin titi na kawo gudawa ta gaske, kwalara ma kan ɓulla da damina. Don haka kada ka ɗora wa fargaba komai. Idan akwai zazzaɓi, ko jini ko majina a bayan gida, ko ya fito baƙi kamar kwalta, ko amai ya ƙi tsayawa, wannan na asibiti ne. Haka idan gudawar na tayar da kai daga barci, ko ta wuce kwana biyu zuwa uku, ko kana ramewa ba dalili. Idan kuwa tana zuba kamar ruwan wankin shinkafa, fara shan ruwan gishiri da sukari a hanya, kada ka jira gobe. Wanda kuma ciwon ciki ke dawo masa kusan kowane mako har wata uku, yau gudawa gobe taurin bayan gida, shi ma ya ga likita, don akwai larurar hanji mai saurin harzuƙa da ke da alaƙa da damuwa, kuma ana kula da ita.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin yi kaɗan ne. Ka tashi aƙalla awa biyu kafin fita, ka ci abu mara nauyi da wuri, kamar koko ko burodi da ayaba, don hanjin ya yi abin da zai yi tun kana kusa da ban ɗaki. Ka ajiye kofi da lemon ƙara kuzari tun daren, haka yaji da maiƙo. Idan ciki ya fara ƙullewa, zauna ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, har tsawon minti biyar. Fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya ta hanyar wannan jijiya ta bagus, ya karkata jiki zuwa ɓangaren hutawa. Ba zai sa ka san babin da ba ka karanta ba, amma yana yanke wancan zagayen na ciki ya tsorata kai, kai ya tsorata ciki.

Saura magana biyu, ɗaya gare mu ɗaya ga makarantu. Mu daina ce wa mai wannan hali raki ne ko a ransa ne kawai. Murɗawar ta gaske ce, gudawar ma ta gaske ce, sanadin ne kawai ya fito daga sama. Akwai 'yan mata da ke ƙin ci da sha tun daren jarrabawa don kada su nemi ban ɗaki a gaban maza, su shiga aji da jiri. Su kuma hukumomin makaranta, ban ɗaki mai ruwa kusa da zauren jarrabawa, da mai sa ido da zai raka ɗalibi ba tare da ya yi masa kallon mai satar amsa ba, za su rage rabin tsoron. Wanda ya san zai iya fita in ta matsa, sau da yawa ba ya ma buƙatar fitar.