Kafin malamin Dalijan ya hau babur: lissafin sana'a ta biyu

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, albashi ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata. A 2024 Gwamna Nasir Idris ya amince da mafi ƙarancin albashi na naira 75,000 a Kebbi, amma tsadar abinci ta lashe mafi yawan ƙarin. Shi ya sa malamin firamare a Dalijan, cikin ƙaramar hukumar Gwandu, ke duban abu biyu: kabu-kabu bayan an tashi makaranta, ko noman albasa na rani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ciniki a matsayin riba. A ce malami ya karɓi babur haya, ya yi aiki daga ƙarfe biyu zuwa shida, ya tara naira 6,000. Fetur ya ci 2,500, balas ɗin mai babur 2,000, faci da baƙin mai 500. Saura 1,000, wato naira 250 a kowace awa. A kwana 26 ya samu 26,000, muddin bai yi haɗari ba, bai kuma kwanta ciwo ba. Awa huɗun nan kuwa a cikinsu yake duba littattafan yara da shirya darasin gobe.

Akwai kuma doka. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwancin kansa, amma ya ware noma. Ta nan albasa ta fi babur kwanciyar hankali, tun da ana iya yin ban-ruwa da yamma ko a ƙarshen mako.

Sai dai ita ma da nata tarkon. Kuɗin iri, taki, fetur ɗin injin ban-ruwa da na 'yan ƙwadago duk suna fita watanni kafin a ga ko sisi. Lokacin cira kuma kaya na cika kasuwanni irin ta Aliero, farashi ya faɗi. Mai jiran tashin farashi sai ya adana, kuma wani kaso zai ruɓe ko ya bushe a rudu. Wanda ya noma da bashi ba ya iya wannan jira, don haka yakan sayar da arha.

Matsayinmu shi ne, kada kowa ya fara sai ya rubuta abin da zai rage masa bayan kowane kashi, ya raba shi da awannin da zai ɓata. Idan sana'ar ba za ta tafi ba sai ya bar aji ko ya ci bashi mai nauyi, ya haƙura da ita, domin 'ya'yan Dalijan ne za su biya kuɗin. Idan albasa ce, ya fara da ƙaramin fili da jarin da zai iya jure asararsa.