Idan an yi wa sana'arka ƙage, kawo abin da za a duba

1/ Masu sana'a a Dutse, ku zo mu yi magana kan yadda ake ƙaryata jita-jita.

2/ A Afrilun 2023, Taiwan da Malesiya suka gano sinadari mai haddasa kansa a wani nau'in Indomie. Kafin ka ce kwabo, WhatsApp ya cika da cewa Indomie ɗin shagunanmu guba ce.

3/ Kamfanin Dufil, mai yin ta a Najeriya, bai ɗaga murya ba. Ya ce waccan a waje aka yi ta, tasu kuwa a nan gida. Daga baya NAFDAC ta gwada ta gida, ta ce babu sinadarin. Sun ba mu abin da za mu duba da kanmu: juya leda, karanta inda aka yi ta.

4/ To, a ce kana da kamfanin fiya wata a Takur, aka yaɗa cewa an rufe ka. Yawancinmu rantsuwa za mu fara, sai "maƙiya ne", sai barazanar kotu. Wallahi barazana ƙara min zargi take yi.

5/ Rubuta layi huɗu kawai: ba a rufe mu ba, ga lambarmu ta NAFDAC, ga bidiyon injinmu yana aiki yau, ƙofa a buɗe take.

6/ Kada ka sake ɗora hoton ƙagen, waɗanda ba su gani ba za su gani. Kuma ka yi saƙon murya da Hausa, don a can maganar ta bi.