Maki biyar a bayan shafi: haƙurin da muke koya wa 'ya'yanmu ya yi tsada

'Yar yayana tana karatun tattalin arziki a wata jami'a a Dubai, ɗaya daga cikin waɗanda ke bin tsarin Birtaniya. Bara ta kira ni da dare muryarta na rawa. Sakamakon ikonometiriks ya fito, wato darasin da ake auna al'amuran tattalin arziki da lissafin ƙididdiga, kuma ta samu 58. Ranar da aka ba su damar duba takardunsu a gaban malami ta gano cewa an yi kuskure wajen tara makinta. Da ta faɗa wa mahaifinta sai ya ce ta yi haƙuri, ba a ja da malami, kada ta jawo wa kanta baƙin jini a ƙasar mutane. "Baffa," ta ce mini, "to in bari ke nan?"

Na ce mata a'a. Kuma ina so in gaya wa Yaya da duk iyayen da ke da irin ra'ayinsa cewa wannan haƙurin ba tarbiyya ba ne, tsoro ne muka sa wa rawani.

Na san inda tsoron ya samo asali. Wanda ya yi jami'a a Najeriya ya ji labarin ɗalibin da ya nemi a sake duba takardarsa, daga nan ya zama abin nunawa a sashe. Amma mun ɗauki wannan tsoron mun sa a akwati mun kai Dubai, garin da jami'o'in waje suka daɗe da buɗe rassa: Wollongong ta Ostireliya tun 1993, Heriot-Watt da Middlesex a 2005, Birmingham a 2018. Uba zai tsaya a shago a unguwar Deira ta Dubai ya ƙirga canjinsa dirhami bayan dirhami, ba ya jin kunyar kowa. Ya biya dubban dirhami kuɗin makaranta, sannan ya ce ƙirga maki rashin kunya ne!

Ga abin da ke takardar. Tambayoyi huɗu ne, kowace maki 25. A bangon takarda an rubuta 18, 13, 15 da 16, jimla 62. Tambaya ta biyu tana da sassa uku. A gefen shafi malam ya ba sashen farko 6, na biyu 7. Sashe na uku ta ƙarasa shi ne a bayan shafi, ya kuwa duba ya sa 5 da jan bironsa, amma da ya zo tarawa sai ya haɗa 6 da 7 kawai ya rubuta 13 a maimakon 18. Jimlar gaskiya 67 ce.

Wani zai ce maki biyar me ne ne? Jarrabawar ita ke da kashi 70 na darasin, aikin cikin zango ke da kashi 30, kuma a can ta samu 50, wato maki 15. Da 62, kason jarrabawa 43.4 ne, a haɗa da 15 a samu 58.4. Da 67 kuwa 46.9 ne, a haɗa a samu 61.9. A tsarin Birtaniya 60 ita ce iyakar da ta raba tu-tu da tu-wan, kuma jami'o'i da yawa na can tu-wan suke nema kafin su ɗauki mutum digiri na biyu. Darasi ɗaya ba shi ke yanke matakin digiri ba, amma ga wanda matsakaicinsa ke lilo a bakin 60, nan ake faɗawa rijiya.

Masu cewa a yi shiru ba su raba abu biyu ba, kuma abin haushi, ɗaliban da ke rubuta wasiƙar ƙorafi ma ba sa rabawa. Akwai hukuncin malami a kan darajar amsa: wannan bayanin ya cancanci 6 ko 8? A jami'o'in tsarin Birtaniya galibi ba a ɗaukaka ƙara a kan wannan. Akwai kuma kuskuren tarawa ko na kwafe maki, wanda ba ra'ayin kowa ba ne, kuma dokokinsu sun tanadi hanyar gyara shi. Ɗalibin da ya rubuta "a sake yi mini makin takardata" ya ƙwanƙwasa ƙofar da aka kulle, ga buɗaɗɗiya a gefensa.

Wasiƙarta ta farko shafi guda ce cur. Wahalar mahaifinta, tsadar haya, daren da ta kwana karatu, roƙo don girman Allah. Na ce ta yaga. Mai roƙo alfarma yake nema, alfarma kuwa ana iya hana ta. Wadda ta aika, in an mayar da ita Hausa, ga ta:

"Malam, barka da aiki. A duban takardu na ranar Talata na lura cewa a tambaya ta biyu an ba ni 6 da 7 da 5, amma an rubuta 13 a bango. Maki 5 ɗin suna bayan shafi na huɗu. Idan lissafina daidai ne, jimlar 67 ce, ba 62 ba. Ina roƙon a sake tara makin. Ba na ƙalubalantar yadda aka auna ko da amsa ɗaya. Idan akwai fom da ya kamata in cike, a sanar da ni. Na gode."

Sai lambar ɗaliba da lambar darasi a sama. Ba ta ce "kun yi kuskure" ba, ta ce "idan lissafina daidai ne", ta bar masa ƙofar fita da mutuncinsa. Ta aika ta adireshinta na makaranta don kwanan wata ya zauna, saboda wa'adin irin wannan ƙorafi kwanaki ne ƙalilan bayan fitar sakamako. A nan shawarar haƙuri ta fi yin ɓarna: kafin a gama shawara da dangi a waya, wa'adi ya wuce.

Sai dai ban ce kowane kuskuren tarawa ne ke ba ɗalibi haƙƙi ba. A tambaya ta uku ita ce da kanta ta yi nata. Ana neman gangaren layi, wato yawan sauyin da abu ɗaya ke yi in ɗayan ya ƙaru da guda. Za ta tara 12, 3, 0, 4 da 12 ta raba da 10. Ta samu 21 a maimakon 31, gangaren ya fito 2.1 maimakon 3.1, kuma duk gwajin da ta gina a kansa ya karkace, ko da yake hanyarta daidai ce. Wasu malaman sau ɗaya suke cire maki su bi hanyar, wasu sun fi tsanani. Wannan hukuncin malami ne. Ta so ta cusa shi a wasiƙar, na hana, don kada ƙorafi mai rauni ya ja mai ƙarfi ƙasa. Na kuma sa ta tara sauran tambayoyin tukuna, domin mai sake tarawa duk takardar zai bi, kuma in an yi mata ƙari bisa kuskure a wani wuri, shi ma zai fito.

Abin dariyar shi ne, darasin kansa a kan kuskure aka gina shi. Tun makon farko malamin ikonometiriks ke koyar da cewa kowane awo yana ɗauke da saura, kuma aikin ɗalibi ne ya bincike shi. Mutumin da ya duba takardu sama da ɗari cikin 'yan kwanaki, ya manta lamba a bayan shafi, ba azzalumi ba ne, gajiya ce. Mu ne muke mayar da shi dodo.

Amsa ta zo bayan kwana biyu, layi uku: ya duba, 18 ne, ya miƙa gyaran ga kwamitin jarrabawa, ta jira sanarwa daga ofis. Gyaran ya ɗauki makonni kafin ya bayyana a shafinta. Da na gaya wa Yaya, sai ya yi shiru, can ya ce, "To Allah ya sa dai malamin bai riƙe ta a rai ba."