Gishirin miya da ƙwaƙwalwar jariri

A yawancin garuruwanmu akwai mai maƙoƙo, kuma galibi mace ce. Mun saba ganinsa har mun daina tambayar dalilinsa. Wasu na cewa gado ne, wasu na cewa ruwan wata rijiya ne, wasu kuma su ce sammu ne. Mu a ganinmu, kumburin wuya shi ne ƙaramar ɓarnar da wannan ciwo ke yi. Babbar ɓarnar tana faɗa wa jaririn da ke cikin uwarsa, kuma ba a ganinta sai yaro ya shiga lakkol.

A gaban wuyan kowane mutum akwai wani ɗan nama da likitoci ke kira tiroyid. Aikinsa shi ne haɗa wani ruwa da ke shiga jini, wanda ke tafiyar da girman jiki da ginin ƙwaƙwalwa. Ba ya iya haɗa ruwan nan sai da wani sinadari mai suna iyode, kuma jiki ba ya yin iyode da kansa, sai dai ya same shi cikin abinci. Abin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai, bai wuce cikin ƙaramin cokali guda ba a duk tsawon rayuwar mutum, amma ana so ya riƙa shiga jiki a kai a kai. Idan ya yi ƙaranci, naman nan yana ta ƙoƙarin tsamo ɗan abin da ya rage cikin jini, sai ya kumbura. Kumburin nan ne maƙoƙo.

Iyode ya fi yawa cikin teku da kifin teku, mu kuwa muna nesa da teku. Inda ƙasar noma ba ta da shi, geron da aka shuka a kanta ma ba ya samunsa, haka ciyawar da bisashe ke ci. Saboda haka gidan da rumbunsa ke cike da hatsi yana iya rasa iyode. Wannan ba ciwon talaka kaɗai ba ne.

Mu ɗauki misalin amaryar da ta samu cikin fari. A watanni ukun farko, naman wuyan jariri bai soma aiki ba, ga shi kuwa a lokacin ne ake kafa tushen ƙwaƙwalwarsa. Duk ruwan da yake bukata daga jinin uwa yake zuwa. Ko bayan nasa ya soma aiki, iyoden da zai yi aikin da shi daga abincin uwar yake fitowa. Shi ya sa hukumar lafiya ta duniya ta ƙayyade wa babban mutum awo 150 a rana, amma ga mai ciki da mai shayarwa ta ce awo 250. Sunan awon mikirogaram, ƙanƙane ne da ido ba ya gani.

To, yaushe amaryar nan ke zuwa awon ciki? Mun san halinmu. Kunyar cikin fari takan sa a ɓoye shi har sai ya fito fili, wata huɗu ko biyar. Kafin ungozoma ta ga matar, an riga an yi babban sashen ginin da kayan da bai isa ba. Idan rashin ya yi tsanani, cikin na iya zubewa, ko a haifi ɗan ba rai, ko ya rayu kurma, bebe, wada, mai raunin hankali. Idan rashin matsakaici ne, wanda shi ya fi yawa, za a haifi jariri kyakkyawa, a yi suna, a yanka rago, ba wanda ya ga komai. Sai ya kai shekara bakwai malami ya ga yana da nauyin fahimta, ana koya masa baƙi yau, gobe ya manta. A gida a ce masa daƙiƙi, wani lokaci har da bulala. Abin da ƙwaƙwalwa ta rasa a cikin uwa kuwa ba ya dawowa duka daga baya. Ba mu ce duk yaron da karatu ke ba wuya iyode ya rasa ba, domin yunwa da ƙarancin jini da masassarar cizon sauro su ma suna da nasu hannu. Amma cikin dalilan nan, wannan ya fi sauƙin kaucewa.

Tunda ba za a jira ranar awo ba, dole iyoden ya kasance cikin gida tun kafin a samu cikin. Abin da kowane gida ke ci kullum, mai kuɗi da talaka, shi ne gishiri. Don haka ne a shekarar 1995 gwamnatin Nijar ta wajabta sa iyode cikin gishirin ci. Lissafin ba wuya: idan kilo guda na gishiri yana ɗauke da miligaram 30 na iyode, wanda ya ci garam 5 a rana, wato ƙaramin cokali guda, ya samu awo 150 ɗinsa. Mai ciki takan cike sauran daga sauran abinci, kamar nono da ƙwai da kifi.

Inda muke da magana shi ne kasuwa. Gishirin da ake zubawa a faifai ana aunawa da gwangwani, ba mai sanin asalinsa, kuma ido da harshe ba sa bambanta mai iyode da maras shi. Gishirin gargajiya irin na Bilma ko na Foga ba a ƙara masa iyode a wurin haƙarsa. Ba mu raina shi ba, kakanninmu da shi suka rayu, amma kada ya zama shi kaɗai ne a tukunyar gidan da ke da matan haihuwa. Maigida, tunda kai ke cefane, ka nemi wanda ke cikin leda ko buhu mai rubutun iyode. Ga amfanin yaƙi da jahilci nan, yanzu kana iya karantawa da kanka. Akwai kuma wani ruwan gwaji da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi: a ɗiga a kan gishiri, in ya rikiɗe shuɗi akwai iyode, in ya tsaya fari babu. Sai dai gwajin ba ya faɗin ko yawansa ya isa. Muna ganin ya kamata a riƙa yin sa ranar kasuwa a gaban jama'a, kuma a tsananta bincike a kan iyaka inda manyan motoci ke shigowa da buhuna, domin mai sayen gishirin dala goma ba shi da ikon bincike.

A gida, damshi ne babban abokin gabansa. Gishirin da ya sha laimar damina cikin buhu, ko ya daɗe a buɗe cikin rana, yana rasa wani kashi na iyodensa. Uwargida ta zuba shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da murhu. Kada a wanke shi don a ga ya yi fari, domin iyoden zai bi ruwan. Kada kuma a ƙara yawan gishiri a miya da sunan magani, hawan jini na nan yana jira.

Wanda maƙoƙonsa ya daɗe ya yi girma, gishiri ba zai narkar da shi ba, kuma tsagar wanzami ba ta kai ga ciwon. In yana hana numfashi ko haɗiya, ko murya ta dushe, ko kumburin ya yi tauri yana girma da sauri, a je likita ba da jinkiri ba, domin ba kowane kumburin wuya ba ne rashin iyode. Ruwan iyode da ake shafa wa rauni kuma ba na sha ba ne.

Makiyaya su ma su duba garkensu. Akuya ko tunkiyar da ta rasa iyode takan haifi ɗa matacce, ko rarrauna mai kumburin wuya da ƙarancin gashi. Wanda ya ga haka ya maimaitu a turkensa, ya kai labari ga ma'aikacin kiwo, kuma a ranar ya duba irin gishirin da ake sa wa miyar gidansa.