Juyayi, Jin Ciwo Da Jinƙai: Shin Duk Ɗaya Ne?

A wannan mako ina so in kawo muku wata muhawara da na saurara a Agege, tsakanin wasu aminai biyu. Ɗaya malamin makaranta ne, ɗaya kuwa tsohon ma'aikacin jinya ne, wanda muka saba kira Likita.

Asalin maganar gobara ce ta cinye rumfuna biyu a unguwarmu, jama'a suka tara gudummawa, aka danƙa wa waɗannan aminai su raba. Rumfa ɗaya ta wani ɗan garinsu Malam ce, wanda ya zo ya yi kuka a gabanmu. Ɗayar kuwa ta wata baƙuwa ce mai marayu, wadda ta fi shi asara, amma ba ta ce da kowa uffan ba.

Malam ya ce, "Likita, ni fa mutumin nan zan ba kaso mafi tsoka. Da ya fashe da kuka sai na ji kamar rumfata ce ta ƙone. Ai tausayi ke nan."

Likita ya ce, "A'a, Malam, abubuwa uku ka haɗa a kwano ɗaya. Akwai juyayi, akwai jin ciwon wani a jikinka, akwai kuma jinƙai."

Malam ya yi dariya ya ce, "Kai dai da son tsawaita magana! Ai duk kanwar ja ce."

Likita ya ce, "To, saurara. Ranar gobarar nan mutum nawa suka zo jaje? Kowa ya ce Allah ya mayar da alheri, ya koma gida ya ci tuwonsa. Wannan shi ne juyayi: ka ga halin da mutum yake ciki, ranka bai yi daɗi ba, amma kana tsaye a bakin ganga. Kai kuwa ka shiga ruwan, har ka kasa barci. Wannan shi ne na biyu."

Malam ya ce, "Ashe nawa ya fi. Abin da ya taɓa hanci, ai ido ya yi ruwa."

Likita ya ce, "Yana da amfani, don shi ke sanar da kai inda ke yi wa mutum zafi. Amma yana da illa biyu. Ta farko, yakan kayar da mai shi. Na yi shekaru ina wanke ƙunar wuta a asibiti. Da a ce duk ihun da majinyaci ya yi ina jinsa a fatata, da hannuna ya yi rawa, in bar matacciyar fata a kan ciwon, ya ruɓe. Na ga sababbin ma'aikata masu raunin zuciya suna kauce wa gadon wanda ya fi kowa jin jiki, saboda ba su iya jure kallonsa."

"Ta biyu fa?"

"Ta biyu, son kai gare shi. Wanda ke gabanka yake gani, da wanda ya yi kama da kai. A 1995 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Batson, ya jarraba wannan. An ba mutane labarin wata yarinya mai ciwon ajali da ke cikin layin masu jiran magani. Aka ce da wasu su saurara da natsuwa, aka ce da wasu su ƙaddara yadda take ji. Waɗannan na biyun, yawancinsu suka ce a tsallake da ita gaba, alhali sun san yaran da ke gabanta sun fi ta bukata."

Malam ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Watau ni ne na tsallake da ɗan garinmu."

"Kai ka faɗa. Shi jinƙai kuwa, nufi ne na raba mutum da wahalarsa, ko ka ji zafinta ko ba ka ji ba. Mai jinƙai tambaya yake yi: me ya ƙone, baki nawa ake ciyarwa, wa ke da mai tallafa masa?"

Malam ya ce, "Ban yarda duka ba. Jinƙan da babu jin ciwo a cikinsa yakan zama sadakar wulakanci, a miƙa maka ana kallon gefe."

Likita ya ce, "Nan kam ka yi gaskiya. Bari jin ciwon ya tashe ka tsaye, amma kada ka ba shi mudun awo."

Ba su rabu ba sai da suka shirya zuwa gidan matar nan da safe, su ji bakinta kafin a taɓa ko kwabo. Malam dai har yanzu yana nan a kan cewa sunan duka ukun tausayi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.